Yaya zan yi saƙon ƙorafi ya kai ga manaja da zarar ya shigo imel ɗinmu?

Hauwa_Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara. Ni ce sakatariya a wani kamfani da ke sayar wa manoman rani famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, a yankin Auyo da Kafin Hausa da Miga. Imel ɗinmu guda ɗaya ne, na Gmail, kuma komai ta nan yake shigowa: saƙon banki, na dillalan da muke saro kaya a wurinsu, talla, da na wakilanmu na ƙauyuka.

A watan Janairu wata ƙungiyar manoman alkama ta sayi famfo uku. Ɗaya ya tsaya bayan sati biyu. Sakatarensu ya je shagon kwamfuta aka buga masa wasiƙa aka turo, cewa ko a gyara ko a mayar musu da kuɗinsu. Wasiƙar ta kwana tara ban gan ta ba, ta nutse a cikin sauran saƙonni, ga shi lokacin ina jinyar mahaifiyata. Kafin manaja ya ji labari alkamar mutum huɗu ta sha ƙishi, sun ari injin fetur sun ci bashi. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Manaja ya ce in nemo hanyar da duk saƙon da ke ɗauke da kalma irin `complaint` ko `refund` zai ji shi a wayarsa nan take. Shi kullum yana gona ko kan hanya. Ba mu da kuɗin sayen wata manhaja. Akwai wanda ya taɓa yi?

Sani_Kwamfuta_Haɗejia:
Wa alaikumus salam Malama Hauwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Gmail da kansa yana yin wannan, kyauta, sunansa filta. Sai dai ba a iya haɗa shi a manhajar waya, sai kin zauna gaban kwamfuta.

Ki fara da lambar manaja, wato imel ɗinsa. Ki shiga `See all settings`, sannan `Forwarding and POP/IMAP`, ki danna `Add a forwarding address` ki rubuta imel ɗinsa. Za a tura masa saƙon tabbatarwa, sai ya amince tukuna. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: bayan ya amince, ki bar zaɓin `Disable forwarding` yadda yake. In kika kunna ɗaya zaɓin, duk wani saƙo da ya shigo ofis zai tafi wayarsa, har talla.

Daga nan ki koma wurin bincike na sama, ki buɗe `Show search options`, a layin `Has the words` ki rubuta:

```
{complaint complaints complain refund refunds}
```

Wannan baka mai lanƙwasa tana nufin ko wacce daga cikinsu aka samu ya wadatar. Ki danna `Create filter`, ki zaɓi `Forward it to` da imel ɗin manaja, ki kuma zaɓi `Apply the label` ki ƙirƙiri lakabi mai suna gaggawa don ke ma ki riƙa ganinsu wuri guda.

Baba_Iro_Gujungu:
'Yata, ni dai ban goyi bayan wannan ba. A ce an sa na'ura tana karanta wasiƙun ma'aikata tana kai wa maigida rahoto? Na yi shekara 28 a aikin ƙaramar hukuma, na san abin da kai tsegumi wurin shugaba yake haifarwa. Ma'aikaci ma yana da sirrinsa.

Hauwa_Auyo:
Baba, ba wasiƙun ma'aikata ba ne. Akwatin kamfani ne wanda aka buga a jikin rasit don masu saye su turo. Ni kaɗai nake buɗe shi, kuma ni nake son a taya ni gani.

Baba_Iro_Gujungu:
To, na fahimta yanzu. Amma a gaya wa duk wanda ke taɓa akwatin cewa an sa wannan abu. Kada a yi shi a ɓoye.

Maryam_Kura:
Maganar Malam Sani daidai ce, amma kalmomin da ya bayar ba za su kama rabin abin da kike nema ba. Na yi wannan aikin a wata cibiyar sayar da iri da taki a nan Kura. Mutanenmu ba sa rubuta `complaint`. Wakili yana rubuta "injin Malam wane ya lalace", ko "ba ya jan ruwa", ko "mutane suna ta zuwa min". In kuɗi ne sai ya ce "a dawo mana da kudin mu". Ko masu rubuta Turancin ma, `not working` da `faulty` sun fi yawa, wani kuma ya rubuta `complain` ko `refound`.

Ga kuma matsalar haruffanmu. Wani wayarsa tana da ƙ da ɗ, wani babu, wani ya rubuta k'orafi da waƙafi a sama. Kada ki ɗauka cewa ɗaya zai kamo ɗaya, ki rubuta kowanne daban. Haka Gmail ba ya karɓar tauraro a ƙarshen kalma don ya kamo duk danginta, saboda haka lalace daban, lalata daban.

Kada ki zauna ki ƙirƙiri kalmomin da ka. Ki buɗe tsofaffin ƙorafe-ƙorafen da kuka taɓa samu, ko guda ashirin, ki karanta ki fitar da kalmomin da masu su suka yi amfani da su. Ki fara da waccan wasiƙar ta masu alkama.

Hauwa_Auyo:
Anti Maryam, na je na buɗe ta yanzu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Kan saƙon an rubuta `Letter` kawai. A ciki babu rubutu ko ɗaya, hoton takarda ne aka ɗauka aka liƙa. Ke nan ko da na sa filtar Malam Sani tun bara, ba za ta kama ta ba?

Sani_Kwamfuta_Haɗejia:
Kada ki dogara da ita a kan hoto, gaskiya ke nan. Kuma ni da ke da shagon kwamfuta na san haka muke yi: mutum ya zo da wasiƙa mai sa hannu da hatimin ƙungiya, mu ɗauki hotonta mu tura. Abin da za ki yi shi ne filta ta biyu, wadda ba ruwanta da kalmomi. Ta kama duk saƙon da ke da abin da aka liƙa, in ba daga waɗanda kika sani suna turo takardu kullum ya fito ba:

```
has:attachment -from:(banki.example OR dillali.example)
```

Ki sa ainihin adireshinsu a madadin waɗannan. Wannan kada ta tafi wurin manaja. Ta sa lakabin a-duba kawai, ke ki buɗe da idonki safe da yamma.

Ɗan_Bunkure:
Ni fa ina ganin ana wahalar banza. Wane manomi ne ke tura imel? Kowa kira yake yi ko ya aiko murya ta WhatsApp. Ku buga lambar manaja a rasit, magana ta ƙare.

Maryam_Kura:
Mutum ɗaya kira yake yi, haka ne. Amma ƙungiya da wakili da masu ba da tallafi rubutu suke yi, domin suna son shaida. Kuma duk wanda ya bar gonarsa ya hau babur ya je gari ya biya aka buga masa wasiƙa, to ya riga ya kira ya gaji. Shi ne ma bai kamata a bari ya kwana ba.

Ɗan_Bunkure:
Wannan kuma na yarda. Amma a san cewa filtar ba ta ganin WhatsApp, kada manaja ya zaci duk ƙorafi yana zuwa masa.

Injiniya_Nura:
Kafin ki danna `Create filter` ki gwada kalmomin a kan saƙonnin baya, domin abin da ke kashe irin wannan tsari ba rashin kamawa ba ne kaɗai, yawan kamawa ne. Ki zuba kalmominki a wurin bincike ki ƙara `newer_than:3m`, za ki ga abin da da ya tafi wayar manaja a wata uku da suka wuce. Ki ƙirga. Sannan ki cire `newer_than:3m` kafin ki mai da shi filta, na gwaji ne kawai.

Ina da tabbacin za ki tarar da banki ya cika wurin. Bankuna da yawa suna rubuta a ƙasan kowane saƙonsu cewa mai `complaints` ya tuntuɓi lamba kaza. Filta ba ta san saman wasiƙa da ƙasanta ba, kalma take gani. In kuna samun alat goma a rana, manaja zai ji ƙara goma a rana, kwana uku zai kashe sanarwar, ranar da na gaske ya zo babu mai ji. Na ga an yi haka a wani kamfanin casar shinkafa da na yi wa aiki.

Hauwa_Auyo:
Na gwada, Injiniya. Da kalmomin Malam Sani da na Anti Maryam gaba ɗaya, saƙo 340 ya fito a wata uku. Na cire banki ya koma 61. Na ga wani dillalinmu na Legas yana da `No refund after payment` a ƙasan kowace takardarsa, na cire shi ma, ya koma 38. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya: 19 ƙorafi ne na gaske, sauran talla ne da masu cewa mun ci kyauta. Kalmar matsala ta fi kowacce jawo shirme, domin wakilanmu kullum suna rufe saƙo da "babu matsala".

Ga yadda yake yanzu, ku duba min:

```
{complaint complaints complain refund refunds faulty
"not working" korafi ƙorafi lalace "ba ya aiki" "baya aiki"
"dawo mana" "mayar mana"} -from:banki.example -from:dillali.example
```

Injiniya_Nura:
Madalla. A layi ɗaya za ki zuba shi a can. Saƙo 38 a kwana 90 bai kai ɗaya a kwana biyu ba, mutum zai iya jurewa, kuma rabinsa na gaske ne. Kin kyauta da kika sa "ba ya aiki" da "baya aiki" duka.

Abu ɗaya nake tsoro: kin cire dillalin ɗungurungum. Ranar da shi ma ya rubuto cewa kayan da ya aiko muku suna da illa a dawo da su, ba za a ji ba. Da na fi so ki cire jimlar kawai, wato `-"no refund after payment"`. Amma wannan ma yana jefar da duk saƙon da jimlar take ciki, kuma kin ce tana ƙasan kowace takardarsa, don haka kusan abu ɗaya ne. Mafita dai ki ba dillalin lakabinsa daban ki riƙa leƙawa.

Sai maganar `Spam`. Gmail ba ya tura abin da ya jefa can. Wasiƙa daga shagon kwamfuta, adireshin da bai taɓa rubuto muku ba, tana iya faɗawa ciki. Akwai zaɓin `Never send it to Spam` a cikin filtar, amma in kika kunna shi duk ɗan damfarar da ya rubuta `refund` zai wuce kai tsaye wayar manaja. Ni da kaina nakan kunna, na gwammace shara ta shigo da a rasa ƙorafi. Wasu ba su yarda da ni ba.

Maryam_Kura:
Ni ina cikin waɗanda ba su yarda ba, Injiniya. Manajan da ke tsakiyar gona, rana ta dake shi, ya ga saƙo wai banki zai mayar masa da kuɗi ya danna nan, ai shi ne mai saurin dannawa. Mu ba mu kunna ba. Muna leƙa `Spam` duk safiya, minti biyu ne. Kuma abin da ke can ba ya gogewa sai bayan kwana 30.

Injiniya_Nura:
Hujjarki tana da ƙarfi. Ya danganta da irin manajan. Hauwa ce ta san nata.

Abba_POS_Taura:
Tunda maganar a mayar da kuɗi ake, don Allah a taimaka min. An cire wa kwastoma na dubu 45 ranar kasuwa, takarda ta nuna bai shiga ba, yau kwana shida kuɗin bai dawo ba, mutumin kullum yana bakin shagona. Na tura imel sau biyu shiru. In na rubuta `refund` a kan saƙon zai sa su gani da wuri?

Sani_Kwamfuta_Haɗejia:
Abba, kai kana ɗaya gefen ke nan. Ba mu san yadda suka tsara nasu akwatin ba. Amma ka rubuta maganar a kan saƙon da cikinsa, ba hoto kaɗai ba, ka sa lambar cinikin da ke jikin takardar da rana da adadin kuɗi. Kuma shi mai katin ya kai ƙorafi bankinsa da kansa, ya karɓi lambar ƙorafi. Ka buɗe sabuwar tambaya a taya ka a can, kada ta Hauwa ta ɓace.

Sadiya_Miga:
Ina bin maganar tun ɗazu, babu wanda ya taɓo "nan take" ɗin da manaja ya ce. Saƙo ya isa imel ɗinsa daban, wayarsa ta yi ƙara daban. In imel ɗinsa ma cike yake da tarkace, an dai kwashe daga wannan rami an zuba a wancan.

A nasa akwatin ma sai an yi filta. Saƙon da aka tura ta wannan hanya yana zuwa da sunan wanda ya rubuto tun asali, ba da sunan ofis ba, don haka ki kama shi da `to:` da adireshin ofis, ki ba shi lakabi. Sannan a wayarsa, in Android ce, a manhajar Gmail ki shiga `Settings`, ki zaɓi akwatinsa, ki shiga `Manage labels`, ki taɓa lakabin, ki kunna `Sync messages`, sannan `Label notifications` da `Notify for every message`. Ki ba shi ƙarar da ta bambanta da sauran. Ki kuma cire Gmail daga cikin manhajojin da wayar ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba saƙon sai ya buɗe wayar zai shigo.

Duk da haka, a fadamarmu akwai inda data ba ta kamawa sam, kira da tes kaɗai ke shiga. In yana can, sai ya fito kan titi.

Injiniya_Nura:
Sadiya ta tuno min da haɗari guda. Tunda saƙon na zuwa da sunan mai ƙorafin, in manaja ya danna `Reply` da nufin ya ce wa Hauwa "waɗannan mutanen ba su gama biya ba", mai ƙorafin ne zai karɓa, kuma daga imel ɗin manaja na kansa. A gaya masa wannan tun ranar farko.

Saboda haka ni na fi son kada a tura wasiƙar kanta, a tura sanarwa gajera. Filta ta sa lakabi kawai, mai suna `sabo`, sai ɗan rubutu a Apps Script, wato wurin rubuta ƙananan umarni na Google, na akwatin ofis ya yi sauran:

```
function duba() {
  const L = GmailApp.getUserLabelByName('sabo');
  L.getThreads().forEach(t => {
    const m = t.getMessages().pop();
    MailApp.sendEmail('manaja@example.com',
      'GAGGAWA: ' + m.getSubject(),
      m.getFrom() + '\n' + m.getPlainBody().slice(0, 300));
    t.removeLabel(L);
  });
}
```

Yana ɗauko duk abin da ke da lakabin, ya aika sunan mai saƙon da haruffa 300 na farko, ya cire lakabin don kada ya maimaita. In mutumin ya sake rubutowa da kalmar, filta ta sake liƙa lakabin, a sake sanarwa. A `Triggers` ki sa ya riƙa tashi duk minti 5. Akwatin Gmail na kyauta yana da iyakar aika wa mutum 100 a rana ta wannan hanya, ku ba za ku kusanci haka ba. Amma dole ki ƙara `-from:` da adireshin manaja a filtar, domin in ya amsa sanarwar, amsarsa za ta dawo ofis ɗauke da kalmar, a sake sanar da shi maganar kansa. Filtar wayarsa kuma ta koma `from:` adireshin ofis da `subject:GAGGAWA`.

Sani_Kwamfuta_Haɗejia:
Injiniya, rubutun yana da kyau, amma wa zai gyara in ya tsaya? Hauwa sakatariya ce, kai kuma kana Kano. Filta kaɗai ba ta buƙatar kowa, kuma tana turawa lokacin da saƙon ya shigo, ba jiran minti biyar. Ni na ce ta fara da filta.

Injiniya_Nura:
In ya gaza, Google yana aiko da saƙon gazawa zuwa akwatin ofis. Amma na yarda sai an sami mai karantawa. Ko wanne ta zaɓa, duk ranar Litinin wani ya turo saƙon gwaji daga wata waya daban da kalmar ƙorafi, a ga ko wayar manaja ta yi ƙara. Shiru na sati biyu yana iya zama babu mai kuka, yana iya zama abin ya mutu, kuma daga waje kamanninsu ɗaya.

Usman_Ringim:
Mu a ofishinmu Outlook muke amfani da shi, can `Rules` ake ce masa. Na sa wanda ke fito da sanarwa a allo, ashe irin wannan sai manhajar tana buɗe a kwamfuta yake aiki. Ranar da babu wuta babu man janareta, babu sanarwa. Na Gmail ɗin ma haka ne?

Sadiya_Miga:
A'a Malam Usman, filtar Gmail a can wurinsu take aiki, ko kwamfutar ofis a kashe take. Wayar manaja ce kaɗai ke buƙatar caji da data.

Baba_Iro_Gujungu:
Na dawo da tambaya ɗaya, ku yi haƙuri da tsoho. Wayar ta yi ƙara, ya gani yana kan babur, ya ce in na sauka zan duba, ya manta. 'Yata kuma ta ɗauka tunda an sanar da maigida an gama. Wa ke riƙe da maganar? A zamaninmu akwai littafin shigar da wasiƙu, kowacce da rana da sa hannun wanda ya karɓa. Kuma wasiƙar mutane da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su za ta koma wayar mutum ɗaya, wadda yaransa ke ɗauka su yi wasa da dare. An yi tunanin wannan?

Maryam_Kura:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Mu abin da muka yi: duk wanda ya ga sanarwa zai kira mai ƙorafin a ranar, ko da cewa ne kawai mun gani. Sannan a rubuta a littafi na takarda, rana da suna da wanda ya kira. Lakabin gaggawa ba a cire shi sai an rufe maganar. Zancen lambobin mutane kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ya kamata wayar manaja ta kasance da makulli, ko ku buɗe masa imel na aiki daban da na gida.

Hauwa_Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya manaja ya shigo ofis na karɓi wayarsa muka yi na Malam Sani da na Sadiya. Ƙanena ya turo gwaji daga wayarsa da "famfo baya aiki", kafin minti ɗaya ta yi ƙara. Na gaya masa maganar `Reply`. `Never send it to Spam` ban kunna ba, zan riƙa leƙawa. Littafi ma na saya, Baba.

Yau da safe na farko na gaske ya shigo, daga wakilinmu na wajen Miga, wani famfo ya daina jan ruwa. Ni na gan shi ƙarfe 9:10. Manaja yana fadama, bai shiga wayarsa ba sai 1:40 da ya fito titi. Ni ce na kira shi tun 9:15, kiran ya shiga, ya tura makaniki. Yanzu tambayata: akwai hanyar da sanarwar za ta zama tes na waya, don ranar da ba na ofis?

Injiniya_Nura:
Akwai, amma ba kyauta ba. Sai kun yi rajista da kamfanin da ke sayar da tes da yawa, rubutun nan na sama ya riƙa aika musu ta `UrlFetchApp`. Kafin ki biya ki tambaye su ko tes ɗinsu yana shiga layin da aka sa wa DND, domin layuka da yawa an toshe musu tes na talla, kuma na irin waɗannan kamfanoni yakan faɗa ciki. Ki sa manaja ya tura `STATUS` zuwa 2442 ya ga matsayin layinsa.

Sadiya_Miga:
Ko kuma a ƙara mutum na biyu da ke zaune a gari inda data ke kamawa, mai kula da sito misali, a yi masa tasa filtar, in ya ji ƙara ya kira manaja. Hauwa, wane ne a cikinku ba ya barin gari ranakun aiki?